Gyaran Mangala: A Daidaita Jari Duk Shekara, Ko A Bar Shi Ya Yi Tafiyarsa?

Duk wanda ya taɓa kora jaki da mangala ya san ba nauyin kaya ne kaɗai ke kayar da shi ba, rinjaye ne. A gida za ka ɗaure kayan daidai wa daida, amma kafin ka kai rabin hanya ɓangare ɗaya ya zame ya fi ɗan'uwansa nauyi, kuma in ba ka tsaya ka gyara ba, gargada ta farko da za ku shiga ita za ta kifar da komai. Haka jarin mutum yake idan ya raba shi gida biyu ko uku, wani a hannun jarin kamfanoni, wani a sukuk ko takardun lamunin gwamnati, wani a zinare ko a banki. Ranar da ya raba shi ya san kason kowanne. Bayan shekara biyu kasuwa ta sake masa rabon ba tare da shawararsa ba.

A kan wannan ne masu harkar zuba jari suka daɗe suna jayayya. Wasu sun ce a ware rana guda a shekara, a auna, a rage wanda ya yi nauyi a ƙara wa wanda ya yi sauƙi, har a koma kan rabon farko, sannan shi kansa rabon a riƙa karkata shi daga hannun jari zuwa abin da ba ya tangaɗi yayin da shekaru ke ja. Wasu kuma sun ce wannan ɗabi'a ce da aka ɗinka wa ƙasashen da kuɗinsu ke da daraja tsayayya, kuma a ƙasar da farashi ke ninkawa cikin shekara huɗu tana iya zama hanyar tsiyacewa a hankali. Na zauna da mutanen ɓangarorin biyu, ciki har da na gidanmu, kuma ba na jin ɗayansu ya kama gaskiyar gaba ɗaya.

Bari mu fara da lissafi, don a nan ne ake ganin abin da gyaran yake yi da abin da ba ya yi. A ɗauka mutane biyu kowanne yana da naira miliyan 10. Kowanne ya sa miliyan 6 a hannun jari, miliyan 4 a sukuk da ke ba shi kashi 12 cikin ɗari a shekara, wato rabon 60 da 40. A shekarar farko hannun jari ya tashi da kashi 45, kamar yadda kasuwar Legas ta yi a 2023. Miliyan 6 ta zama miliyan 8.7, sukuk ya zama miliyan 4.48, jimla miliyan 13.18. Yanzu hannun jari ya zama kashi 66 na dukiyar. Na farko ya ɗauki alƙalami ya ga kashi 60 na sabuwar jimlar miliyan 7.9 ne, sai ya sayar da hannun jari na kusan naira 790,000 ya ƙara a sukuk. Na biyu bai taɓa komai ba.

A shekara ta biyu kasuwa ta sake tashi da kashi 38, kusan abin da ta yi a 2024. Wanda bai gyara ba ya kai miliyan 17.02, wanda ya gyara ya tsaya a miliyan 16.82. An bar mai gyara a baya da kusan naira 200,000, ban da la'adar dillali, ga shi kuma ya sake sayar da wani kaso don komawa 60 da 40, yayin da abokinsa ke zaune da fiye da kashi 70 a hannun jari. In da labarin ya tsaya a nan, da mai gyara ya ji kunya. To a ce a shekara ta uku kasuwa ta rabe biyu. Wanda bai gyara ba ya sauko zuwa miliyan 11.6, wanda ya gyara ya sauko zuwa miliyan 12.6. Dukansu sun ji jiki, amma ɗaya ya rasa kusan kashi 32 na abin da yake da shi, ɗayan kashi 25.

Abin da masu goyon bayan gyaran shekara ke son a gani ke nan, kuma na lura waɗanda suka san aikin a cikinsu ba sa alƙawarin ƙarin riba. Wani abokina da ya shekara ashirin yana dillancin hannun jari ya faɗa mini a fili: "Duk wanda ya ce maka gyaran nan zai ƙara maka kuɗi, rabin gaskiya ya faɗa. A shekaru masu yawa ma rage maka zai yi, tunda kana sayar da abin da ya fi saurin girma. Abin da yake saya maka shi ne, ranar da abin ya zo, asarar da za ka yi ita ce wadda ka amince da ita tun farko, ba wadda kasuwa ta zaɓa maka ba." Mutumin da ya ce zai iya ɗaukar kashi 60 ya yi wa kansa awo ne, ya san iyalinsa da barcinsa. In ya wayi gari da kashi 75 bai sani ba, ya ɗauki kayan da bai taɓa yarda zai ɗauka ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko shiga raina, domin ta shafi zuciya. Lokacin da kasuwa ke tashi babu mai son sayarwa, kowa na jin gobe za ta fi yau. Lokacin da take faɗuwa babu mai son saye. Ranar da aka tsayar tun da wuri, da rabon da aka rubuta a takarda tun hankali na kwance, su ne ke tilasta wa mutum ya yi abin da ransa ba ya so a daidai lokacin da ya kamata ya yi shi. Me ya sa shekara, ba wata uku ba? Domin kowane saye da sayarwa yana da kuɗinsa, na dillali da na hukuma da na ita kasuwar, kuma mai yawan leƙa jarinsa yakan ƙare da taɓa shi ba gaira ba dalili. Sannan kasuwa idan ta kama hanya takan ɗan daɗe a kanta, mai gyara kowane wata sai ya yi ta yanke reshe yana cikin toho. Ga Musulmi ma akwai ranar da ta zo a shirye: ranar da shekarar zakkarsa ke cika. Dama dole ya zauna ya ƙirga komai a farashin ranar, kuma zai iya fitar da zakkar daga ɓangaren da ya yi nauyi, ya yi rabin gyaran ba tare da wata hidima ta daban ba.

Yanzu ga masu ja da wannan ra'ayi, kuma a gidanmu kawuna ne jagoransu. Tsohon malamin sakandare ne, ya sayi hannun jarin bankuna a zamanin da kowa ke saye, bayan haɗewar bankuna ta 2005, lokacin da fom ɗin sayen hannun jari ke yawo a ɗakin malamai kamar katin ɗaurin aure. Ma'aunin kasuwar ya haura 66,000 a watan Maris na 2008. Shekara guda bayan haka yana kusan 20,000. Da na kawo masa maganar gyaran shekara sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ɗana, yi mini lissafin naka a kan shekarar da na sani."

Na yi masa, kuma lissafin ya ba shi gaskiya. Kasuwar ta faɗi da kusan kashi 46 a 2008. Mai miliyan 6 a hannun jari ya koma miliyan 3.24. In ɗaya ɓangaren ya ba shi kashi 10, yana da miliyan 4.4 a can, jimla miliyan 7.64. Ƙa'idar ta ce ya kwashi sama da miliyan 1.3 daga wurin da kuɗinsa ya tsira ya zuba a hannun jari. Ya zuba. A 2009 kasuwar ta sake faɗuwa da kusan kashi 34. Kashi ɗaya cikin uku na sabon zubin ya bi ruwa, ga ribar da zai samu da ya bar shi a inda yake ita ma ta tafi. Sai a ce ya yi haƙuri, kasuwa za ta dawo. Ta dawo, amma sai a watan Agusta na 2023 ma'aunin ya sake taka inda ya tsaya a 2008. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma a lissafin naira, wadda a tsakanin nan ta zube ƙwarai. Gaskiya ne ma'aunin ba ya ƙirga ribar da kamfanoni ke rabawa duk shekara, wadda ta rage zafin abin ga wanda ya riƙe kamfanoni masu biya, amma ba ta share shi ba. Ba mu kaɗai ba ne. Kasuwar Japan ta kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, ba ta sake ganin wurin ba sai a Fabrairun 2024. Gyaran shekara ya ginu ne a kan zaton cewa abin da ya faɗi zai tashi cikin lokacin da mai shi zai iya jira, kuma babu wanda ya ba da wannan tabbaci.

Sai dai akwai inda Kawu ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Da na tambaye shi me ya riƙe a lokacin, sai ya lissafa bankuna uku, babu kamfanin siminti, babu na abinci, babu komai a gefe. Da farashin ɗaya daga cikinsu ya faɗi ya ƙara saye, yana ganin ya samu araha. A Agustan 2009 Babban Banki ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana guda, a 2011 kuma aka karɓe bankuna uku gaba ɗaya, masu hannun jarinsu suka tashi da takarda. Ɗaya daga cikin na Kawu yana cikin waɗanda ba su farfaɗo ba. Abin da ya yi ba gyaran mangala ba ne. Gyaran da ake magana tsakanin manyan rukunai ake yin sa, tsakanin kwandon da ya tara kamfanoni masu yawa na sana'o'i daban-daban da kuma sukuk ko zinare. Kwando irin wannan yana iya daɗewa a ƙasa amma da wuya ya koma babu, kamfani ɗaya kuwa yana iya mutuwa murus. Wanda ya ɗauki ƙa'idar ya ɗora a kan kamfani guda, yana ta ƙara saye duk lokacin da ya faɗi, zai iya bin gawa da kuɗinsa har kabari. Na faɗa wa Kawu haka, ya yi shiru, sannan ya ce ko da kwando ne shekara goma sha biyar ba wasa ba ce ga mai shekara hamsin da biyar. Nan ma ban iya musa masa ba.

Ƙorafi na biyu na masu ja ya fi sauƙin warwarewa. Sun ce dukiyar yawancin mutanenmu ba ta yankuwa. Wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari da na yi wa bayanin ya ɗauka ina nufin ya riƙa sayar da filayensa duk shekara, ya ce, "Malam, fili ake sayarwa don ya yi tsada? Ai don ya yi tsadar na saye shi." Bai fahimci tambayar ba, amma ya taɓo wani abu na gaske. Ba a sayar da kashi 8 cikin ɗari na fili, ko na shago, ko na sarƙar gwal ta uwargida. Ga kuma ƙaramin jari, wanda in aka ce za a motsa naira 40,000 la'ada da zirga-zirga za su ci amfanin. Amsar ita ce ba dole sai an sayar ake gyara ba. Mai albashi ko mai ciniki da ke ƙara zubi kowane wata sai ya karkata sabon kuɗin duka zuwa ɓangaren da ya yi sauƙi, haka ribar da kamfanoni suka raba da kuɗin hayar sukuk. Mai filaye uku da babu ko sisi a wani wuri, gyaransa shi ne kada ya sayi na huɗu. Sannan yawancin masu bin tsarin suna sa wa kansu iyaka: a duba sau ɗaya a shekara, amma kada a taɓa sai rabon ya kauce da maki biyar ko fiye. Kashi 60 da ya zama 63 a ƙyale shi, in ya kai 66 a gyara.

A wannan rabin muhawarar ina tare da masu gyara, da sharuɗɗan nan: tsakanin rukunai, da sabon kuɗi kafin a kai ga sayarwa, da iyakar maki biyar. Shekarun 2008 da 2009 sun nuna tsarin yana iya cutarwa, amma wanda ya yi gyaran a ƙarshen 2006 da ƙarshen 2007, lokacin da kasuwar ke ta hauhawa, ya riga ya kwashe wani abu ya kai tudu kafin ruwan ya zo. Kawu ya ƙirga gyaran da zai cuce shi, bai ƙirga biyun da da sun cece shi ba.

Rabi na biyu, batun shekaru, shi ne na fi jin nauyinsa, kuma a nan ne nake ganin masu ja sun fi ƙarfi.

Tsohuwar ƙa'idar da ta fito daga Amurka ta ce ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne kason hannun jarinka. Mai shekara 30 ya riƙe kashi 70, mai 60 ya riƙe 40. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard, ya sha ba da shawara mai kama da wannan, cewa kason takardun lamuni ya yi kusa da shekarun mutum. Dalilin yana da ƙarfi. Matashi babbar dukiyarsa ba a asusu take ba, albashin shekara talatin ne da bai karɓa ba tukuna. In kasuwa ta rabe biyu yana ɗan shekara 30, abin da ya rasa kaɗan ne a kan abin da zai tara nan gaba, kuma zubinsa na wata-wata zai sayi kaya da araha. Mai shekara 60 kuwa ya gama tarawa, ya fara ci. A ce yana da miliyan 20, yana cire miliyan 2 a shekara don cefane da magani, kuma kashi 70 na kuɗin na hannun jari ne. Kasuwa ta rabe biyu a shekararsa ta farko ta ritaya, miliyan 20 ta koma 13. Miliyan 2 ɗin da da kashi 10 ne na dukiyarsa yanzu ya haura kashi 15, kuma dole ya sayar a farashin ƙasa don a ɗora tukunya. Abin da ya sayar ya tafi, ko kasuwa ta dawo ba za ta dawo da shi ba. Faɗuwa iri ɗaya, in ta zo a shekara ta goma sha biyar ta ritaya, ba ta yin wannan ɓarnar. Shekarun da ke gab da ajiye aiki da na farkon ritaya su ne mashigin da ya fi haɗari.

Duk ma'aikacin Najeriya mai asusun fansho yana cikin wannan tsari ko bai sani ba. Tun Yulin 2018 hukumar PenCom ta raba kuɗin fansho zuwa asusu-asusu bisa shekaru. Wanda bai kai 50 ba ana sa shi a wanda takardar bayaninsa ke kira Fund II, da ya cika 50 a mayar da shi Fund III, in ya yi ritaya Fund IV. Akwai Fund I ga mai son ƙarin kasada, amma sai ya nema da kansa, kuma ba a ba wanda ya kai 50. A ƙa'idar da aka fara da ita, mafi yawan abin da za a sa a kadarori masu hawa da sauka, irin hannun jari, kashi 75 ne a na ɗaya, 55 a na biyu, 20 a na uku, 10 a na huɗu. Daga baya aka ƙara Fund VI ga masu son jarin da babu kuɗin ruwa. Wato hukuma da kanta ta ɗauki ɓangaren masu cewa a rage kasada da tsufa.

To me masu ja suke cewa? Suna tambaya ne: rage kasada zuwa ina? Ƙa'idar 100 ta ɗauka cewa takardar gwamnati mafaka ce. A ƙarshen 2020 takardun baitulmali na gajeren zango a Najeriya sun koma biyan ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, alhali hauhawar farashi tana kusan kashi 15. A Disamban 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 mai wa'adin shekara bakwai, ya biya kashi 16.47 a shekara, kuma a lokacin riba ce mai kyau. Amma wanda ya karɓi uwar kuɗinsa a 2024 ya karɓi naira ce wadda aka saki darajarta a Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin watanni. Ba a ci masa ko kwabo ba, an biya shi cif, amma buhunan shinkafar da kuɗin ke saye sun ragu ƙwarai. Idan farashi na tashi da kashi 20 a shekara, cikin shekara huɗu kuɗi ya rasa rabin ƙarfinsa. Dattijon da ya ajiye aiki yana da shekara 60, in Allah ya ba shi wasu ashirin, ya mayar da kashi 80 na abin hannunsa takardar naira, ya guje wa asarar da ake gani a allo ya faɗa wadda ake gani a kasuwar hatsi. Ta farko tana zuwa da ihu, ta biyu ba a jin takunta. Ko a Amurka ma, a 2022, hannun jari da takardun lamuni tare suka faɗi, mafakar ta yi yoyo a ranar ruwa.

Akwai ma masana a can da suka juya ƙa'idar. Wade Pfau da Michael Kitces sun wallafa bincike a 2014 inda suka nuna cewa yana iya fi wa mai ritaya alheri ya shiga ritayar da ƙaramin kason hannun jari, sannan ya riƙa ƙara shi a hankali. Hikimar ita ce haɗarin ya fi taruwa a mashigin, in an wuce shi lafiya sai babban abokin gaba ya koma tsawon rai da tsadar kaya. Ba kowa ya yarda da su ba, kuma da wuya ka shawo kan ɗan shekara 75 ya ƙara kasada, amma sun karya zaton cewa layin dole ya yi ta gangarawa har ƙarshe.

Ni kuma abin da ya fi damuna da ƙa'idar shi ne ta ɗauka shekaru suna faɗin halin mutum, alhali a wurinmu sau da yawa ba sa faɗi. Na san ɗan shekara 32 da ke ɗauke da iyaye biyu, ƙanne huɗu a makaranta, da lefen da za a kai bayan salla. Ƙa'ida ta ce ya sa kashi 68 a hannun jari, amma rabin abin da ya tara zai buƙace shi cikin wata goma sha takwas, kuma kuɗin da za a taɓa nan kusa ba shi da wurin zama a kasuwar da ke iya rabewa biyu. Na san kuma dattijo mai shekara 63 da autarsa ke aji uku na firamare, wanda ke da kuɗin makarantar shekara goma sha biyar a gabansa, kuɗin da zai yi ta tashi da farashin komai. Ga hajiyar da ta haura 70, 'ya'yanta na ɗauke da cinta da shanta, gidan da take ciki nata ne, abin da ta ajiye na magada ne da sadaka mai gudana. Jarinta ba shekarunta yake bi ba, shekarun jikokinta yake bi. Sannan sana'a ma tana shiga lissafi. Ma'aikacin gwamnati albashinsa kamar sukuk yake, yana zuwa kowane wata, ga fanshonsa wanda mafi yawansa dama a takardun gwamnati yake, don haka abin da ya tara a gefe zai iya jure hannun jari mai yawa. Ɗan kasuwa kuwa shagonsa shi ne hannun jarinsa, ranar da tattalin arziki ya tsuke ciniki da kasuwar Legas tare za su kwanta, shi ya fi buƙatar ajiya mai sanyi ko da yana matashi.

Shi ya sa na fi karkata ga a canza tambayar. Maimakon "shekarunka nawa", a tambayi "yaushe za ka ci wannan kuɗin". Abin da za a kashe cikin shekara biyu ya zauna a inda za a iya ɗaukarsa gobe ba tare da asara ba, a banki ko asusun gajeren zango, a karɓi cizon hauhawar farashi a kansa a matsayin kuɗin kwanciyar hankali. Na shekara uku zuwa bakwai ya shiga sukuk ko takardun lamuni masu wa'adi daban-daban, yadda kowace shekara wani zai nuna, a sabunta shi a kan ribar lokacin. Abin da ya wuce haka ya zauna a kadarorin da ke iya bin farashi: kwandon hannun jari, zinare, gida ko fili, da wani abu da ba a naira yake ba in da hali. Mai miliyan 20 da ke cin miliyan 2 a shekara zai ga miliyan 4 a kusa, wajen miliyan 8 zuwa 10 a tsakiya, saura 6 zuwa 8 a nesa. Wannan kashi 30 zuwa 40 ke nan, kusa da abin da ƙa'idar 100 ta ba mai shekara 60. Abokina dillali ya yi murmushi da na nuna masa, ya ce na zaga ne na dawo ƙofar da na fita. Ga wannan mutum ɗaya, haka ne. Amma ga hajiyar can lissafin zai ba da kashi 70 ko fiye a nesa, ga saurayi mai lefe kuma zai ba da ƙasa da rabin abin da ƙa'ida ta ce, kuma a ganina a duka biyun shi ya fi dacewa da rayuwarsu.

Wannan tsari ma yana da raminsa, kuma Kawu ne ya tono shi. Ya ce in na ajiye na shekara bakwai a gefe don in jira kasuwa ta farfaɗo, ita kuma ta ɗauki goma sha biyar, me zan ci a shekara ta takwas? Sannan a shekarar da kasuwa ta faɗi, gyaran shekara zai ce in ɗebi na tsakiya in sayi hannun jari, shi kuma tsarin ciyarwa zai ce kada in taɓa shi don abincin gobe ne. Wanne zan bi? Na ce masa ga wanda ya riga ya fara ci daga jarinsa, ni zan yi gyaran ta hanya ɗaya ne: in hannun jari ya yi nauyi a rage a cika na kusa da na tsakiya, in ya faɗi kuma ba za a taɓa abincin shekara biyar masu zuwa don saye ba, sai abin da ya haura haka. Abokina bai yarda ba. A ganinsa gyara mai ƙafa ɗaya yana zubar da rabin amfanin tsarin, domin sayen da ake yi a ƙasa shi ne ke biyan sayarwar da aka yi da wuri a sama. A lissafi yana da hujja, ni kuma ina tuna fuskar Kawu a 2009.

Kawu yanzu ya haura saba'in. Abin da ya rage masa yana cikin sukuk da wani gida da ya ba haya, ya ce shi da hannun jari sai a lahira. A bara ƙaramin ɗansa, wanda ya fara aiki yana da shekara 28, ya zo yana tambaya ko ya nemi a mayar da fanshonsa Fund I. Na ce masa da shekara talatin a gabansa da albashi mai zuwa duk wata, ni da zan nema. Kawu ya ce kada ya kuskura. Yaron ya karɓo fom ɗin, yana cikin aljihun jakarsa, har yanzu bai cike ba.